Amsoshin Tambayoyinku: Fayil ɗin PowerPoint ya ƙi buɗewa

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Madina. Ina cikin gyara shafukan PowerPoint da zan kare kundin digirina da su, kwamfuta ta mutu. Fayil ɗin a kan filashi yake, yanzu ya ƙi buɗewa. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, sannu da wannan tashin hankali. Kafin komai, kwafe fayil ɗin daga filashin zuwa kan kwamfuta, duk gwajin da za ka yi a kan kwafin za ka yi shi. Sannan dubi nauyinsa. In ka ga 0 KB, babu komai a ciki, kada ka ɓata lokaci wajen gyara. In kuwa yana nan da nauyinsa, akwai fata.

Buɗe PowerPoint ɗin kansa, ba fayil ɗin ba. Manhajar kan ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti 10, muddin ba a kashe AutoRecover ba, kuma a kan kwamfuta take ajiyewa, ba a filashi ba. Sau da yawa za ka ga Document Recovery a gefen hagu, da lokacin da aka ajiye kowane kwafi. Zaɓi na baya-bayan nan, ka yi Save As da sabon suna nan take. Don Allah kada ka rufe wannan akwatin kafin ka adana, domin in ka amsa cewa ba ka buƙatar kwafin, sharewa za a yi. In bai fito ba, rubuta wannan a layin adireshi na File Explorer:

```
%AppData%\Microsoft\PowerPoint
```

Ba ka samu komai ba? Koma kan kwafinka. Shiga File, Open, Browse, ka zaɓi fayil ɗin, amma kada ka danna Open. Akwai 'yar kibiya a jikinsa, taɓa ta ka zaɓi Open and Repair. Bayan ya buɗe ka ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya, saboda gyaran kan bar shafin da ya lalace fari fat.

Version History kuwa sai in fayil ɗin ya taɓa zama a OneDrive, wanda ɗalibai da yawa a nan Saudiyya ke samu da imel ɗin jami'a. In haka ne, danna fayil ɗin da maɓallin dama a can, ka dawo da na jiya ko na shekaranjiya. Filashi ba ya riƙe irin wannan tarihi, kuma AutoSave ba ya aiki a kansa. Duba imel da WhatsApp ma, wataƙila ka taɓa tura wa malaminka.

In duk sun ƙi, canza ƙarshen sunan kwafin daga .pptx zuwa .zip ka buɗe. Hotunanka suna cikin ppt\media, rubutun kowane shafi kuma yana ppt\slides. Sake jerawa kawai zai rage maka. Allah Ya ba da sa'a ranar kare kundi.