Daga kwandon cefane zuwa GDP na haƙiƙa

To jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Kowa ya buɗe Excel ɗinsa, na riga na zuba alƙaluman. Ni na shirya su don darasi, kada wani ya tafi kasuwa yana jayayya da su.

Kwandonmu, wato cefanen da za mu auna hauhawar farashi da shi, kaya uku ne. A ginshiƙin B akwai yawan kaya: gero mudu 10, shinkafa mudu 4, man gyaɗa kwalba 2. A C farashin 2022, ita ce shekarar tushe: naira 1,000 da 2,000 da 1,000. A D na 2023: 1,200 da 3,000 da 1,000. A E kuma na 2024: 1,500 da 3,500 da 1,100.

Wasu suna ninka kowane layi daban su tara. Ni dai na fi son wannan, a C5:

```
=SUMPRODUCT($B$2:$B$4,C2:C4)
```

Ku lura da alamar dalar nan a kan B. Ita ce ke ƙulle kwandon, kuma duk darasin yau a kanta ya rataya. In ka ja fomular zuwa dama ba tare da ita ba, B zai zame ya koma C, sai ka ninka farashi da farashi, ka ga miliyoyi sun fito. Danna F4 kawai ya sa maka ita. Yawwa, ga shi: 20,000, sai 26,000, sai 31,200.

Ma'aunin farashi kuma, a C6 a rubuta `=C5/$C$5*100` a ja. Ya ba mu 100, 130, 156. In shekarar tushe ba ta ba ka 100 cif ba, koma ka duba.

Yanzu hauhawar farashi. Ta 2023 kashi 30 cikin ɗari ce, ba gardama. Ta 2024 fa? Na san wani ya riga ya ce 26, don ya cire 130 daga 156. A'a, ɗan'uwa. Wannan 26 ɗin maki ne aka auna da kuɗin 2022. Ita kuwa uwargida da ta tafi kasuwa a 2024, da 26,000 na bara take kwatantawa, ƙarin 5,200 ta biya a kansu. Don haka a raba da na bara: `=(E6-D6)/D6*100`, kashi 20. Kuma saukowa daga 30 zuwa 20 ba ya nufin kaya sun yi sauƙi. Tsadar na nan tana ƙaruwa, gudunta ne ya ragu.



Mu koma GDP, wato jimlar darajar abin da ƙasa ta samar a shekara. A ɗauka ƙaramar ƙasa ce, kayan nan uku kaɗai take samarwa. A 2022 ta samar da abin da ke B, wato 20,000. A 2023 gero ya kai 12, shinkafa ta sauko 3, mai yana nan 2. Zan sa su a E... a'a, E akwai farashi, a F. Sabon yawa sau sabon farashi ya ba da 25,400, GDP ke nan a farashin shekarar. Sabon yawa sau farashin 2022 kuma: 12,000 da 6,000 da 2,000, jimla 20,000. Shi ne GDP na haƙiƙa. Kun gani? Kuɗi ya ƙaru da kashi 27, amma arzikin bai motsa ba ko kaɗan. Difileta kuwa na farkon ne a raba da na biyun a ninka da 100, ya ba da 127.

To me ya sa 127, alhali kwando ya ce 130? Kwando ya nace shinkafa mudu 4 ce, ita ce kuma farashinta ya fi tashi, difileta kuwa yana auna ta da 3 ɗin da aka noma. Wanda ya raba 25,400 da 130 ya ninka da 100 zai sami kusan 19,540, ya ce tattalin arziki ya ja baya, ba kuwa haka ba ne. A Najeriya tazarar tana iya fin haka, domin ɗanyen man da ake fitarwa yana cikin difileta amma ba ya kwandon magidanci, kayan da ake shigowa da su kuma suna kwando amma ba sa cikin GDP.

Kwando ma yana tsufa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta daɗe tana aiki da 2009 a matsayin tushe, sai a 2025 ta mayar da shi 2024. Hauhawar da aka sanar kashi 34.80 a Disamban 2024 ta koma 24.48 a Janairu. Saboda haka kada ku jera alƙaluma masu tushe daban a layi ɗaya ku ja musu fomula. Aikin gida: a G ku sa gero 13, shinkafa 3, mai 3 na 2024, ku fitar min da difileta.