Amsoshi 60, amma jadawalin ya ce 146: ina matsalar take?

Assalamu alaikum. Tunda ɗalibai suka shiga kakar furojet, tambaya ɗaya ke ta shigo mini: na zuba amsoshin tambayoyina a Excel, na danna PivotChart, zanen ya fito, amma bai yi kama da abin da mutane suka faɗa ba. To ku matso kusa, mataki ɗaya ne kawai ake kuskurewa.

[Fayil ɗin misali a buɗe]

Wannan fayil na misali ne. Mutum 60 aka tambaya yadda suka gamsu da ruwan famfon unguwarsu, daga 1, wato ban gamsu ba ko kaɗan, zuwa 5, na gamsu sosai. Kowane layi mutum ɗaya ne. Ga lambarsa a ginshiƙin farko, ga amsarsa a ƙarƙashin Gamsuwa. Ko daga Google Forms kuka sauko da naku ko daga KoboToolbox, siffar ke nan.

Da sauri: danna cikin bayanan, Ctrl+T da OK domin su zama tebur, sai Insert, sai PivotTable, sai OK. Ja Gamsuwa zuwa akwatin Rows. Ga 1 zuwa 5 sun jeru. Sake jan Gamsuwa ɗin nan dai zuwa Values. E, sau biyu ake janta: na farko ya ware rukunoni, na biyu ya cika su da adadi.

Yanzu ku tsaya. Kada hannu ya kai ga zane tukuna.

[A matso da akwatin Values]

Ku karanta abin da aka rubuta a nan: Sum of Gamsuwa. Excel ya ga lambobi, shi kuwa al'adarsa idan ya ga ginshiƙin lambobi zalla sai ya tara su. Bai san cewa 4 ɗin nan sunan amsa ba ce, ya ɗauka huɗu ce irin ta kuɗin cefane. Mutum 9 ne suka zaɓi 4, sai ya haɗa huɗu sau tara ya ba ku 36. Mutum 20 suka zaɓi 1, ya tara ya ba ku 20. Da kun zana a haka, sandar 4 ce za ta fi kowacce tsawo, ta 1 kuma ta fi kowacce gajarta. Rahoto zai ce jama'a sun gamsu, alhali waɗanda ba su gamsu ba ko kaɗan su ne suka fi yawa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mutum ashirin sun faɗi kukansu, zane ya mayar da su 'yan tsiraru.

Yadda za ku gane kuwa ba wuya. Ku dubi Grand Total a ƙasa. Nan 146 ne, mu kuma mutum 60 muka tambaya. Duk tambayar da mutum ke zaɓar amsa ɗaya, jimillarta ba ta wuce yawan masu amsawa.

Gyaran: danna Sum of Gamsuwa, zaɓi Value Field Settings, zaɓi Count, OK.

[Lambobin suna sauyawa]

20, 15, 10, 9, 6. Jimilla 60. Yanzu kawuna ake ƙirgawa.

Idan amsoshinku kalmomi ne, irin su E da A'a, Excel da kansa yake saka Count, shi ya sa abokinka nasa ya yi daidai, naka ya ƙi. Amma su ma suna da tarkonsu. Kun ga amsar Rijiya, ta wata tambayar da ke ginshiƙin C, ta fito sau biyu a nan? Ɗaya tana ɗauke da tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani. Ku buɗe sabon ginshiƙi ku wanke ta, sannan ku yi Refresh ku ja sabon ginshiƙin zuwa Rows a madadin tsohon:

```
=TRIM(C2)
```

Sai wanda ya tsallake tambaya. Count ba ya ƙirga gurbin da ba komai a ciki, don haka layin (blank) zai tsaya fayau, jimilla ta gaza 60. Ni abin da nake yi, lambar mai amsawa nake ja zuwa Values in mayar da ita Count, tunda kowa yana da lamba. Nan take za ku ga mutum nawa suka yi shiru, ku kuma faɗi hakan a rahotonku.

Sai yanzu zane. PivotTable Analyze, PivotChart, Clustered Column. Ni dai a nan ba na son zagayayyen zanen nan mai yanka-yanka, domin 10 da 9 ba sa bambantuwa a ido, sanduna kuwa suna nuna jerin 1 zuwa 5 yadda yake.

Gobe idan amsoshi suka ƙaru, zanen ba zai motsa da kansa ba. Ku liƙa su a ƙasan teburin, ku danna cikin jadawalin PivotTable, Alt+F5, sannan ku sake duban Grand Total ko ya yi daidai da yawan mutanenku.