Amsoshin Tambayoyinku: Yadda ake karanta adireshin intanet

"Assalamu alaikum. Ina sana'ar takalma a Agege. Kullum ana turo mini linki a waya, dogon rubutu mai ɗigo-ɗigo da alamar tambaya. Me waɗannan abubuwa suke nufi, kuma ta yaya zan gane na gaskiya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Mai biro a kusa ya ɗauka, ga adireshin da na haɗa don misali, za mu feɗe shi gaɓa-gaɓa:

```
https://shago.example.com/kaya/takalma?launi=baki&lamba=42#farashi
```

Na farko shi ne `https://`, wato ƙa'idar da wayarka da kwamfutar da ke riƙe da shafin za su bi su yi magana. Akwai `http` akwai `https`. Harafin `s` ɗin nan yana nufin an rufe saƙon, wanda ke tsakani ba zai iya karanta shi ba, kamar wasiƙa a cikin ambulan. Amma Alhaji, don Allah ka riƙe wannan: ɗan damfara ma yana iya liƙe ambulan ɗinsa. Ganin `https` ko alamar kwaɗo ba shaida ba ce cewa mai shafin mutumin kirki ne.

Shaidar tana gaɓa ta biyu, `shago.example.com`, wadda ake kira domen, ni kuwa nakan ce sunan gida. A nan nake son mu daɗe, domin nan ne ake cutar mutanenmu. Sunan gida yana farawa bayan sanduna biyu, wato `//`, ya ƙare daidai inda karkatacciyar sanda ta farko, wato `/`, ta tsaya. Kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar ajami. `com` ita ce babbar unguwa, `example` shi ne gidan da wani ya yi wa rajista yake biyan kuɗinsa duk shekara, `shago` kuwa ɗaki ne a cikin gidan. Maigida yana da ikon raɗa wa ɗakunansa duk sunan da ya ga dama, babu mai hana shi. To dubi wannan:

```
https://bankinka.com.tallafi.example/shiga
```

Ido zai fara cin karo da `bankinka.com`, sai hankali ya kwanta. Amma ka ɗora yatsa a kan sandar farko ka dawo baya: `tallafi.example` za ka tarar. Shi ne maigida. Sunan bankin allo ne kawai aka rataya a ƙofar ɗaki. Wanda ya rubuta lambar katinsa da lambar sirri a nan, hannun wani ya miƙa su. Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 da irin wannan ta rutsa da shi, muka buɗe saƙon tare, na nuna masa inda sandar take. Ya daɗe yana kallon wayar bai ce uffan ba.

A Najeriya sau da yawa unguwar gaɓa biyu ce, kamar `.com.ng`, `.edu.ng` ko `.gov.ng`, sai ka ƙara taku ɗaya zuwa hagu kafin ka iske sunan maigida. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da `.ng`, kuma `.gov.ng` na hukumomin gwamnati ne. Saboda haka idan aka ce tallafin gwamnati ne amma sunan gidan ya ƙare da wani abu daban, ka dakata ka bincika. A kula da haruffa ma, domin akan sa `1` a gurbin `l`, ko `0` a gurbin `o`.

Sauran gaɓoɓin masu sauƙi ne. `/kaya/takalma` ita ce hanya a cikin gidan: shiga sashen kaya, ka wuce wajen takalma. Maigida ne ke tsara ta, shi ya sa sunan banki a wannan wuri ba ya tabbatar da komai.

Daga alamar `?` kuma buƙatarka ce ake isarwa, kamar yadda kake ce wa yaron shago, "ɗauko mini baƙi, lamba 42." `launi=baki` buƙata ɗaya ce, `lamba=42` ta biyu, alamar `&` ce ta raba su. Ka mayar da 42 ta zama 43, shafin zai iya nuna maka wani takalmin. Wani lokaci za ka ga `utm_source` da tarkacen haruffa, wannan masu talla ne ke son sanin ta inda ka biyo. Wani lokaci kuwa lambar sirri ce a ciki, kamar a linkin sauya kalmar shiga da ake turo maka, irin wannan ba a tura wa kowa.

Na ƙarshe `#farashi`. Wannan guntun ba ya barin wayarka, ba a aika shi ga kwamfutar mai shafin. Aikinsa ya gaya wa manhajar buɗe shafi ta gangara da kai daidai wurin da aka rubuta farashi. A yawancin shafuka ko ka goge shi shafin zai buɗe, sai dai daga sama zai fara.

Wasiƙa ta gaba daga Idi-Araba take, bayan wannan ɗan taƙaitaccen hutu.