Yadi nawa babbar riga take ci? Lissafi daga tsawon mutum da faɗin shadda

An gabatar da wannan lacca ne a wani zama na masu koyon ɗinki a cikin garin Bauchi. Mai jawabin dattijon tela ne da ya daɗe a kan ɗinkin manyan riguna, kuma daga muryar da aka naɗa aka rubuto ta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Ya'yana da ƙannena, sannunku da zuwa.

Tambayar da aka fi yi mana a shago ita ce, "Malam, yadi nawa zan sayo?" Mu kuma bakinmu ya saba, sai mu ce goma, mutum ya kama hanyar kasuwar Wunti. Sau da yawa goman tana isa, shi ya sa ba mu damu da sanin dalili ba. To amma ranar da ba ta isa ba, almakashi ya riga ya shiga, kuma shaddar mutane ba ta komawa yadda take. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, tsawon mutum rabin amsa ne kawai. Ɗaya rabin yana ga faɗin yadin, kuma shi ne aka fi mantawa.

Mu fara da ma'auni. Yadi ɗaya inci 36 ne, saboda haka yadi goma inci 360 ke nan. Mita kuwa ta ɗara yadi, ta haura inci 39 kaɗan, don haka mita goma ta kusa yadi 11. Akwai shaddojin da da mita ake yanka su, sai ka tambayi mai kawo maka da wanne aka auna masa. Faɗi ma ba ɗaya ba ne. Wata shaddar za ka same ta wajen inci 50, wata 55, manyan kuma sukan kai 62 ko 63. Kada ka yarda da abin da aka faɗa maka a baki. Shimfiɗa ta a tebur ka ɗora tef daga wannan baki zuwa wancan.

Yanzu ga mutum ya zo, tsawonsa inci 70, wato ƙafa biyar da inci goma. Awo biyu babbar riga take nema a jikinsa. Na farko tsawonta: ka ɗora tef a kan kafaɗa, daidai gindin wuya, ka sauke shi ta gaba har inda yake so rigar ta tsaya, a saman idon sawu. Na ce ta gaba, domin mai tumbi cikinsa yana ɗage riga, in ka auna shi ta baya za ka ga gaban ya ɗangale. Idan mai rigar ba ya nan, tsawonsa kawai aka aiko maka, ni abin da nake yi shi ne in cire inci 16, na kai da wuya da ɗan tazarar da ke tsakanin bakin riga da ƙasa. Mutuminmu rigarsa ta zama inci 54.

Na biyu faɗinta. Iyayenmu da gaba suke auna wannan, mutum ya ware hannuwansa biyu. Allah cikin ikonsa, gaban mutum yakan yi kusan daidai da tsawonsa, daga kan yatsa zuwa kan yatsa. Babbar riga kuwa ana so ta rufe hannu har ta ɗan zarce, don in an naɗe ta a kafaɗa ta taru ta zauna. Ni ina ƙara inci takwas a kan tsawon mutum. Faɗin wannan rigar inci 78 ke nan. Mai son ta cika fam yana iya neman fiye da haka, amma ya san kuɗinsa ne zai ƙaru.

To, ga shadda mai faɗin inci 55 a gabanmu. Jikin rigar falle ɗaya ne da ake ninkewa a kafaɗa, gaba da baya. Inci 54 sau biyu 108, a ƙara huɗu na kalmasa, 112. Amma wannan fallen faɗinsa 55 ne kawai, mu kuwa 78 muke nema. Dole a ƙara hannuwa dama da hagu, kowanne inci 13, har da abin da ɗinki zai cinye. A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai sake yanko wani 112 cur. Gwani kuwa zai yanki rabinsa, inci 56, ya tsaga shi gida huɗu a tsaye. Inci 13 sau huɗu 52, ya shiga cikin 55. Biyu na gaba, biyu na baya, a haɗe su a kafaɗa inda naɗi zai rufe ɗinkin. Rigar ta ci 112 da 56, inci 168. Sai a ware rabin yadi, inci 18, na aljihu da linzami da abin da za a shafe wuya da shi, don aiki ya samu wurin kamawa. Jimla 186, yadi biyar da ɗan ɗoriya.

Saura 'yar ciki da wando. A ce ƙirjinsa inci 42 ne, tsawon 'yar cikin 44. Rabin ƙirji 21, a ƙara shida na sakewa da ɗinki, kowane falle ya zama 27. Biyu a jere 54, sun shiga cikin 55 da ƙyar, saboda haka gaba da baya za su fito daga tsawo ɗaya, inci 47. Hannuwa biyu a jere su ci 27. 'Yar ciki ta tashi a 74. Wando ban cika dogon lissafi a kansa ba, yadi ɗaya da rabi nake ba matsakaicin mutum, inci 54, har da gidan zariya. Ku tara: 186 da 74 da 54, inci 314. A cikin 360 saura 46. Kun ga dalilin da ya sa goma take isa, har a mayar wa mai kaya da yadi guda da ɗoriya. Kuma a mayar masa, don Allah. Ba naka ba ne.

Yanzu mu canja mutum, shaddar tana nan yadda take. Wani dogo ya shigo, inci 76, irin samarin nan da sai sun sunkuya a ƙofar shago. Ƙarin inci shida ne kacal a kan na farko, sai ka ɗauka rabin yadi zai rufe. Ba haka ba ne. Tsawon rigarsa 60, falle 124. Faɗinta 84, saboda haka kowane hannu sai ya kai inci 16. Huɗu a jere 64, sun fi ƙarfin 55. Dabarar rabin falle ta mutu, dole a yanko 124 sau biyu, inci 248, kusan yadi bakwai a riga kaɗai. Abin da zai cece ka shi ne, falle na biyu zai bar maka dogon ƙyalle mai faɗin inci 23, daga nan za ka fitar da hannuwan 'yar ciki da aljihu. Jikin 'yar cikinsa 53, wando 58. Jimla 359. Inci ɗaya tak ya rage a yadi goma, kuma wannan in siriri ne. Ko ɗan kwana mai yanka ya yi a kasuwa, ka shiga uku. Irin wannan mutum yadi 12 za ka ce masa tun farko.

Ƙiba ma haka take yin tsalle, amma a 'yar ciki. Mai ƙirji 50, fallensa inci 31 ne, biyu ba za su jeru a 55 ba, sai an yanki tsawo biyu. Saboda haka kafin ka faɗi adadi, tambayi kanka: me zai jeru a wannan faɗin, me ba zai jeru ba?

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Ina saurayi wani bawan Allah ya kawo shaddar ɗaurin aure, na ga yadi goma ce, ban auna faɗi ba na zabga yanka. Ashe 50 ce. Hannuwan suka ƙi jeruwa, na ci cikin rabon wando. Na zaga kasuwa da ƙyalle a hannu ina neman irin launin, har na aika Kantin Kwari, abin da aka samo yana da ɗan duhu. A cikin shago ba a gani, da ya fita rana sai ga shi ɓaro-ɓaro. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Akwai yanka na biyu, na kwance, inda faɗin shaddar yake zama tsawon riga. Mutumin farko yana buƙatar 54 da uku na kalmasa da haɗin kafaɗa, 57. A mai 55 ba zai yiwu ba, amma a mai 63 zai yiwu: inci 78 sau biyu, 156, kuma babu haɗin hannu ko ɗaya. Sai dai ka duba zanen da ke jikin shaddar. In fure ne mai kai da gindi, zai kwanta a kaikaice, kuma in 'yar cikin a tsaye ka yanke ta, sheƙinsu zai saɓa.

Abu ɗaya kuma, in farin yadin auduga ne da za a kai rini ko a wanke kafin ɗinki, yana shiga, wani har inci ɗaya ko biyu a kowane yadi. A jiƙa shi ya bushe tukuna, sannan a auna.

Daga nan wata daga cikin ɗaliban ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, mu masu ɗinkin mata fa? Doguwar riga da atamfa, turmi ɗaya yana isa?"

Ya ce, "'Yata, tambayar ɗaya ce. Turmi yadi shida ne, inci 216, faɗinsa kuma wajen 46. Mace mai doguwar riga inci 56, faɗin atamfa bai kai tsawonta ba, don haka yankan kwance sai da haɗi a ƙugu. In miƙaƙƙiya ce, 58 sau biyu 116, hannu 26, inci 142, kusan yadi huɗu. Saura biyu, ɗankwali ya fita har da ragowa. Amma in atamfar mai manyan zane ce kuma kina so zanen gaba ya haɗu da na baya a gefe, auna daga kan fure zuwa kan na gaba da shi, ki ƙara wannan tazarar a kan lissafin. In kuma mai buɗaɗɗen ƙasa take so, ki shimfiɗa ki zana da alli gaba ɗaya kafin ki taɓa almakashi. Wa ya zo da tef? Taso, ɗana, kai ne mafi tsawo a nan, mu gwada a kanka."