Giya, Gulbi da Bene: Abin da Ke Faruwa a Jikin Mai Maye

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan wuri. Bakin Gulbin Rima ne, kusa da gadar Kwalkwalawa, kan hanyar zuwa jami'a. Da rana za ku ga masu wanki da masu su da yara suna wasa da ruwa. Da dare kuwa wurin wani abu ne daban: duhu, santsin laka, da gaɓar da ba a ganin iyakarta. Yau muna so mu yi magana a kan abin da ba a cika son faɗa ba a Sakkwato, wato mutanen da suke mutuwa a ruwa ko suke faɗowa daga sama bayan sun sha giya.

Kowa ya san hukuncin giya a addini, kuma tun shekarar 2000 dokar shari'a ta hana ta a jihar nan. Amma hani bai sa ta ɓace ba, ɓuya ta yi. Wanda zai sha ba zai zauna a ƙofar gida ba. Yakan nemi inda ido ba ya kaiwa: saman kangon benen da ba a gama ba, bayan gari kusa da kududdufi, ko gaɓar gulbi bayan isha'i. Ku lura da waɗannan wurare. Duk cikinsu ko dai akwai tsawo, ko akwai ruwa, kuma babu haske.

Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa a cikin manyan da suka nutse wajen wanka ko yawo a ruwa, an samu giya a jinin kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari. Tambayar ita ce, me giyar take yi wa jiki har abin ya kai haka?

Mu ɗauki misali. Wani saurayi ne mai nauyin kilo 65, ya iya iyo tun yana yaro. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake wuce digiri 40, ya zauna da abokansa da ƙarfe tara na dare. Kafin sha ɗaya ya shanye manyan kwalabe uku. Kowace babbar kwalba tana ɗauke da barasa zalla kamar giram 24, ukun sun kama giram 72 ke nan. Hantarsa kuwa giram 7 zuwa 8 kawai take iya ƙonewa a awa ɗaya, kuma ba a hanzarta ta. Wanka da ruwan sanyi ba ya rage komai, goro ba ya ragewa, shayi mai kauri ma haka. Sai wajen fitowar rana jininsa zai wanke. Da ƙarfe sha ɗayan nan, barasar da ke jininsa ta haura 0.10 cikin ɗari, wato ninki biyu na 0.05 da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi a kansa. A wannan mataki, bincike kan masu shiga jirgin ruwa ya nuna haɗarin mutuwa yana ninkawa kusan sau goma.

To, me ya canza a jikinsa?

Tsayuwar ɗan Adam a kan ƙafa biyu ta dogara ne a kan shaidu uku. Ido yana faɗin inda ƙasa take. Tafin ƙafa da gaɓoɓi suna faɗin yadda nauyi ya karkata. Na uku yana can cikin kunne, kuma shi ne mutane ba su sani ba. A can ciki akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. A gindin kowanne akwai wani ɗan abu mai laushi kamar kitse da ya tare hanya. Idan ka juya kai, ruwan sai ya tura shi, shi kuma ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa an juya. A lafiyayyen mutum nauyin wannan ɗan abu daidai yake da na ruwan da yake ciki, saboda haka ba ya motsi sai an motsa.

Barasa ta fi ruwa rashin nauyi, kuma tana riga shiga ɗan abin nan kafin ta shiga ruwan. Kamar rabin awa bayan an fara sha, sai ya zama ya fi ruwan sauƙi, ya fara tasowa kamar gora a kan gulbi. Da mutum ya kwanta ko ya karkata kai, kunne sai ya ce ana juyawa alhali ba a juyawa. Wannan ne jirin da mai maye yake ji idan ya kwanta, ya ga ɗaki yana kewaya shi. Sannan ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda aikinta shi ne ta haɗa maganar shaidun nan uku ta gyara takun ƙafa, ita ma giya ta kasalar da ita. Tangaɗin ke nan.

A kan titi da rana, saurayin nan zai iya lallaɓawa, domin ido da ƙafa suna rufa wa kunne asiri. Amma ya ce zafi ya dame shi, bari ya ɗan watsa ruwa a gulbi. Yana shiga ƙafarsa ta bar ƙasa, shaida ɗaya ya tafi. Dare ne kuma ruwan ja ne mai laka, ido ba ya ganin komai, na biyu ya tafi. Saura kunne, shi kuma ƙarya yake faɗa. Idan kansa ya nutse, zai iya rasa ina ne sama, ya yi ta iyo da dukan ƙarfinsa yana nufar ƙasa. Shi ya sa idan aka ce wane gwanin ruwa ne, ta yaya ruwa zai ci shi, amsar ita ce gwanintar tana nan a hannu da ƙafa, alƙiblar ce ta ɓace.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da yake jin ya fi kowa ƙarfi. Giya tana fara kwantar da sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna haɗari ya ce wa mutum dakata. Iyawa tana raguwa, ƙarfin hali yana ƙaruwa, kuma babu abin da zai sanar da shi. Nisan gaɓa sai ya ga kamar taku goma ne.

Idan ruwa ya taɓa maƙogwaro, lafiyayyen mutum yakan yi tari nan take ya riƙe numfashi. A mai maye wannan kariya ta yi sanyi, ga ciki cike, amai yana iya tasowa ya bi hanyar huhu. A lokacin hunturu kuma akwai ƙarin matsala: giya tana buɗe jijiyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi, hannu ya mutu da wuri. Kuma kada ku jira ihu. Mai nutsewa ba shi da numfashin kira. Za ka ga kai ya ɗaga baya, baki yana taɓa ruwa yana fita, hannuwa suna danna ruwa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Minti 4 zuwa 6 babu iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ba sai gulbi ba ma. Wanda maye ya kayar da shi ruf da ciki, ruwan kwata na damina ya isa.

Yanzu mu mai da saurayin nan saman kango, hawa ɗaya, tsawon kamar mita 3. Babu katanga a gefe, matakalar ba ta da abin riƙewa, ga rodi a tsaye. Giya tana sa yawan fitsari, don haka zai tashi cikin duhu ya nufi baki-baki. Ya tsaya, jiki ya ɗan yi gaba. Mai hankali yakan gyara da yatsun ƙafa ba tare da ya ma sani ba. Nasa gyaran ya makara. Daga mita 3 zuwa ƙasa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma zai isa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Wanda yake garau zai miƙa hannu, ya karye a wuyan hannu, kansa ya tsira. Mai maye hannun ba ya fita a kan lokaci, sai ya sauka da ka ko da fuska. Maganar da ake yi cewa jikin mashayi sakakke ne, ba ya jin ciwo idan ya faɗi, ba gaskiya ba ce. Zafin ne bai ji ba, raunin yana nan. Idan kuma ya haɗa da tiramol ko kodin, barci da raunin numfashi suna ƙaruwa a kan na giyar.

Ga inda ake asarar rayukan da za a iya ceto. Ya faɗo, ya tashi, ya ce ba komai. Abokai suna tsoron a ji warin bakinsa, a kira hukuma, ko labari ya kai gida. Sai wani ya ce, ku bar shi ya yi kwana, da safe zai warware. Amma idan jijiya ta fashe a cikin ƙoƙon kai, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, kuma alamunsa iri ɗaya ne da na maye: magana a karkace, barci, amai. Bambancin yana cikin alƙiblar abin. Maye raguwa yake yi da tafiyar lokaci. Wanda yake ƙara nauyi bayan awa ɗaya ko biyu da daina sha, wanda ake girgizawa ba ya farkawa, wanda yake ta amai, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma idan an haska fitilar waya, ko jini ko farin ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ko gefe ɗaya ya saki, wannan ba giya ba ce. Asibiti ne a daren nan, inda za a iya ɗaukar hoton kai, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuma a gaya wa likita gaskiya: abin da ya sha, nawa, ƙarfe nawa, daga wane tsawo ya faɗo. Wajen ɗaukarsa kada a ciccibe shi hannu da ƙafa kai yana lilo. A sa shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, domin ƙashin wuya ma yana iya karyewa.

Na ruwa kuma, ɗan'uwa, kada ka faɗa bayansa idan kai ma ka sha, ko ba ka koyi ceto ba, domin mai nutsewa yana danne wanda ya zo. Ka miƙa masa gora ko igiya, ko ka jefa masa jarka mai murfi wadda babu komai a ciki. Idan an fito da shi, kada a tattaka ciki wai ana fitar da ruwa, amai kawai za a tura masa cikin huhu. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, baki yana kallon ƙasa, wani ya zauna kusa da shi. In ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba a haka, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi asibiti, saboda ruwan da ya taɓa huhu yana iya hana shi numfashi bayan wasu awanni.