Ya fi kowa kawo ciniki, amma ba mai son aiki da shi: yaya za ka auna shi?

Ƙarshen shekara ya zo, kai ne manaja, ga fom ɗin auna ma'aikata a gabanka. Mu ɗauka kamfaninku na rarraba kayan masarufi ne ga 'yan kasuwar Singa a Kano. Kana da jami'in talla da aka yanka wa cinikin naira miliyan 20 a wata, shi kuwa miliyan 26 yake kawowa. Amma mai kula da sito ba ya son ganinsa, direbobi na gudun fita da shi, yara biyu da aka haɗa su da shi sun ajiye aiki.

Kafin ka taɓa maganar halinsa, fara da miliyan 26 ɗin nan. Duka guminsa ne?

Buɗe littafin ciniki, ka bi shago bayan shago. A ce ka tarar miliyan 4 daga shagunan da ke yankin wani ƙaramin ma'aikaci suka fito, ya bi bayansa ya yi musu rangwame ya janye su. Kamfani bai ƙaru da komai ba, domin dama kwastomominku ne, sai ma ribar da rangwamen ya cinye. Sannan miliyan 3 bashi ne da ya haura kwana 60 ba a biya ba, kuma akawu ne ke wahalar binsa. Cire bakwai daga 26, saura 19. Ashe bai ma kai abin da aka yanka masa ba. Ba mu kuma sa kuɗin ɗaukar sababbin yara biyu da watannin koya musu aiki ba.

A shekarar 2015, Michael Housman da Dylan Minor sun fitar da bincike a makarantar kasuwanci ta Harvard kan ma'aikata kimanin dubu 50 a kamfanoni 11. Sun gano cewa masu cutar da abokan aiki sau da yawa sun fi sauran saurin aiki, shi ya sa ake ɗaga musu ƙafa. Amma abin da kamfani ke tsira da shi idan ya kauce wa mutum ɗaya irin wannan ya ninka ribar samun gwani na sahun farko fiye da sau biyu.

To idan ka yi lissafin ka ga cinikin nasa ne tsaf fa? Hakan na faruwa, kuma nan ne wuyar take.

A ce fom ɗinku na ba ciniki maki 70, mu'amala maki 30. Mutuminka ya san lissafi. Ya kwashe 70 ɗinsa, ya samu ko 5 a mu'amala, ya haye. A ganina gyaran shi ne a mai da mu'amala sharaɗi: wanda bai kai rabin makinta ba, ba shi da matsayin farko, ba ƙarin girma, komai cinikinsa. A kuma sanar da kowa wannan tun farkon shekara, kada a fito masa da shi ranar awo.

Makin mu'amalar kuma ba a ba da shi da "an ce". Kira mai sito, direba da akawu, kowa shi kaɗai. Kada ka ce "Yaya halinsa?", domin yaro ba zai kushe na gaba da shi ba, "Lafiya lau, ranka ya daɗe" kawai za ka ji. Ka ce: "Yaushe ne rana ta ƙarshe da kuka samu saɓani? Me ya ce? Wa ke wurin?" Rubuta rana, wuri da kalmar da aka furta. Ka lura, mai ƙwazo ba ya rasa mahassada. Wanda ya matsa a loda mota kan lokaci yana aikinsa ne. Wanda ya zagi uwar ɗan dako a gaban kwastoma ya ci mutunci. Idan mutum uku da ba su haɗa baki ba suka kawo abu iri ɗaya, ka samu hujja.

Ranar zama, ku biyu kaɗai, ƙofa a rufe. Faɗi cinikinsa yadda yake, kada ka rage masa. Sannan ka ce: "Malam, ranar kaza a sito ka ce wa wane kaza. Me ya faru?" Ka saurare shi sosai, don wani lokacin tsarin kamashonku ne ke haɗa su faɗa: idan duk wanda ya rubuta rasit shi ke cin kamasho, kun koya musu ƙwacen kwastoma da kanku, kuma wannan gyaranka ne.

Ku rubuta abu biyu ko uku da zai daina: shiga yankin wani, ba da bashi ba sa hannun akawu, zagi. Ku sa wa'adin kwana 90, ya sa hannu, kai ma ka sa. Duk ƙarshen wata ka koma wurin mutum ukun nan da tambayoyin farko. Tun yanzu kuma ka fara zagaya manyan kwastomominsa da kanka, ka haɗa su da ma'aikaci na biyu, domin ranar da ya ce zai tafi da su, ka riga ka san nawa ne za su bi shi.