A Janye Zagin, Amma A Amsa Tambayar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, yayyena da ƙannena maza da mata, barkanmu da haɗuwa.

An ce in yi magana a kan zage-zagen da suka fara shigo mana taro, da yadda za mu tsayar da su. Na karɓa, amma da sharaɗi, domin akwai maganin zagi da ya fi zagin illa, wato a rufe bakin kowa.

Lokacin da ba mu wuce mutum talatin ba, ba mu buƙaci doka ba. Kowa ya san kowa, in harshen mutum ya zame, kallon wani dattijo kaɗai ya isa ya dawo da shi. Wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutanen da ɗan Adam ke iya riƙe hulɗa ta sanayya da su ba su cika wuce 150 ba. Masana na jayayya a kan adadin, amma abin da yake nufi muna ganinsa da idonmu. Da jama'a ta yi yawa, sai mutum ya zauna kusa da wanda bai san sunansa ba, kunyar da ke tsare baki ta ragu. Abin da kunya ke yi a da, yanzu sai an rubuta shi.

Mu ɗauki misali, ba da kowa nake ba. Ma'aji ya karanta rahoton shekara. Wani ɗan'uwa ya miƙe a fusace ya ce, "Kuɗin hayar zauren taro da kuka rubuta ya ninka na bara, babu rasit ko ɗaya. Kai ɓarawo ne, dama haka danginku suke." Zaure ya kaure da hayaniya.

A cikin wannan magana akwai abu uku, kuma aikin mai jagorantar taro shi ne ya raba su kafin hayaniya ta cakuɗa su. Akwai tambaya: me ya sa kuɗin ya ninka, ina rasit? Wannan haƙƙin duk mai biyan kuɗin wata ne. Akwai zargi, cewa an yi sata, wanda ke buƙatar hujja. Sai zagin dangi, wanda ba shi da mazauni ko da hujjar ta tabbata.

Shugabanni da yawa, da sun ji kalmar ɓarawo sai su ce a fitar da shi, a wuce batu na gaba. Zagin ya fita, tambayar ma ta bi shi waje. Duk wanda ke zaune da irin wannan shakka a ransa ya koyi cewa taɓa maganar kuɗi na jawo kora. Wasu shugabannin kuma sukan bar shi ya ci gaba da sunan 'yancin magana, sai ma'aji ya rama, masu kunya su yi shiru, musamman mata da sababbin shiga, kuma baɗi babu mutumin kirki da zai yarda ya riƙe asusu.

Ga abin da nake ganin ya dace. Shugaba ya dakatar da shi nan take, cikin murya kwance, ya ce, "Malam, maganar dangi da kalmar ɓarawo, ka janye su. Tambayarka ta rasit na rubuta, kuma za a amsa ta." Janyewa kawai ake nema a lokacin, ba ban haƙuri ba, don mai fushi zai iya cewa na janye, amma tilasta masa durƙusawa gaban jama'a sabuwar rigima ce. In ya janye, sai a juya ga ma'aji. In takardun ba su hannunsa, a sa rana, a ce mako biyu, a ba mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba, su kawo rahoto gaban kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In kuma ya ƙi janyewa fa? Sai ya bar taron na ranar, amma tambayarsa ta zauna a rubuce, a amsa ta ko ba ya nan. Majalisar dokokin Birtaniya, inda ake cacar baki fiye da tamu, haka take yi da kalma. A watan Afrilun 2016 ɗan majalisa Dennis Skinner ya jefi Firayim Minista David Cameron da laƙabin da ke nuna shi marar gaskiya ne. Kakakin majalisa John Bercow ya nemi ya janye, ya ƙi, aka fitar da shi na sauran wunin kawai. Ga wanda taurin kansa ya wuce haka, dokarsu ta ce dakatarwar kwana 5 na zama a karon farko, kwana 20 a na biyu. Ku lura da yadda hukuncin ke hawa mataki-mataki. Ƙungiyar da ba ta da komai tsakanin "yi haƙuri" da kora, ko dai ta kori wanda bai cancanta ba, ko ta ƙyale kowa don tana jin nauyin korar.

Wajen da aka fi yin zalunci kuwa shi ne wanda zai yanke hukuncin. Wanda aka zaga ba zai zama alƙali ba. In shugaba aka taɓa, ya miƙa kujera ga mataimakinsa har a gama batun. Dakatarwar da ta wuce ta taro ɗaya kada ta fito daga mutum guda. Kwamitin mutum uku ya saurari ɓangarorin biyu, ya rubuta ainihin kalmar da aka faɗa da dokar da ta karya, wanda aka hukunta kuma ya sami damar ɗaukaka ƙara gaban babban taro. Ina jaddada ainihin kalmar, saboda laifin da ake kira "rashin ladabi" ko "kawo rarrabuwar kai" buhu ne da ke ɗaukar duk wanda shugabanni suka gaji da shi. Dokar kuma ta hau kan mai yawan ba da gudummawa kamar yadda take hawa kan ɗalibi. Ranar da aka kau da kai ga babba, ranar dokar ta mutu, ko da tana nan a takarda.

Akwai kuma mai zagin da ba ya furta kalmar zagi: habaici, dariyar raini duk lokacin da wata 'yar'uwa ta miƙe, katse mutum ɗaya a kowane zama. In ka ɗauki ɗaya kaɗai ba ka ga laifi ba. Shi ya sa sakatare zai riƙa rubuta kowane gargaɗi da ranarsa, don maimaituwar ce hujja. Kuma irin wannan a fara samunsa a keɓe.

To ta yaya za mu gane mun wuce gona da iri? Ba daga yawan hayaniya ba. Ku duba ko rahoton kuɗi ya wuce babu tambaya ko ɗaya, ko kowace ƙuri'a ta zama ta bai ɗaya, ko taro ya tashi da wuri amma mutane sun tsaya a bakin ƙofa suna tattauna abin da ba su faɗa a ciki ba. Ni wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan mai ɗaga murya, don mai ɗaga murya har yanzu yana ganin ƙungiyar tasa ce.

Mai girma shugaba, ina roƙon a sa wannan tsari cikin ajandar zama mai zuwa, a raba wa kowa daftarinsa tun mako guda kafin ranar. Kwamitin mutum ukun kuma babban taro ya zaɓe su, ba shugabanni su naɗa ba, kuma kada a rasa mace a cikinsu.

Na gode. Wassalamu alaikum.